Boris 6206 a kan shaf ɗin moto: k6, j6 ko h6, da yadda ake karanta lambobin

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina gyaran wani moton lantarki mai kilowat 3, yana juyi 1450 a minti, yana jan injin niƙa da bel. Boris ɗin gefen fuli 6206 ne, kuma mazauninsa a kan shaf ya cinye, da hannu ma yake shiga. Za mu cika wurin a sake gurza shi. Mai gurza ya ce in ba shi awo, na ce milimita 30, ya ce wannan ba awo ba ne. Na duba tebur na ga k6, j6, h6, H7 da ƙananan lambobi masu alamar ƙari da ragi. Wani littafi ya ce k6 zaman tsaka-tsaki ne, wani ya ce na matsi ne. Wanne zan zaɓa, kuma yaya ake karanta su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce masa ya gurza shaf ɗin tsakanin 30.002 da 30.015, wato k6. In yana da injin wasawa kuma hannunsa ya zauna, ya tsaya tsakanin 30.002 da 30.011, wato k5, wanda shi ne na fi so a moto. Ramin murfin moton kuma ya kasance tsakanin 62.000 da 62.030, wato H7. Boris ɗin da za ka saya ya zama mai alamar C3, wato mai ƙarin rata a cikinsa. Amma kada ka tafi da lambobin nan kawai, domin gobe za a kawo maka wani aikin da wannan amsar za ta lalata shi. Bari in nuna maka inda suka fito.

Kafin a buɗe kowane tebur akwai tambaya guda da ake yi: wane zobe ne nauyi yake zagayawa a jikinsa? A motonka bel yana ja ta gefe guda, kullum wajen injin niƙa. Zoben waje yana zaune a murfi bai motsi, saboda haka wuri ɗaya ne a jikinsa yake ɗaukar jan bel ɗin daga safe har dare. Zoben ciki kuwa yana juyawa tare da shaf, kowane ɓangare nasa sai ya bi ta ƙarƙashin nauyin sau ɗaya a kowane juyi. Wannan zoben da nauyi ke zagayawa a kansa shi ne dole a matse. Ɗayan ana iya barinsa sako-sako.

Dalilin yana da kyau ka gane shi sosai, don shi ne abin da ya cinye maka shaf. A ce akwai rata ta maikiron 10 tsakanin shaf da zoben ciki. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, don haka wannan ratar ido ba ya ganinta, hannu ma da ƙyar zai ji ta. To amma kewayen ramin zoben ya fi kewayen shaf tsawo da wannan ratar sau 3.14, kusan maikiron 31 ke nan. Nauyin bel yana manna su a gefe guda, sai shaf ɗin ya riƙa mirginawa a cikin zoben, kowane juyi zoben ya saura a baya da maikiron 31. A juyi 1450 a minti, wannan ya kai milimita 45 a minti guda, fiye da mita biyu da rabi a awa guda. Ƙarfe a kan ƙarfe, babu giris a tsakani. Yana ci, ratar tana ƙaruwa, ratar tana ƙaruwa, cin yana ƙara sauri. Shi ya sa za ka ga mazaunin ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko ka ga wani jan gari mai kama da tsatsa ya taru a gefen zoben. Kuma ɗaure noti a gefen zoben ba ya tsayar da wannan rarrafen, domin ƙarfin da ke tura shi ya fi ƙarfin riƙon gefe. Abin da ke tsayar da shi kawai shi ne a rasa ratar gaba ɗaya.

Yanzu ga tebur. Tsarin da ake bi shi ne ISO 286. Ƙaramin harafi na shaf ne, babban harafi na rami ne. Harafin yana faɗa maka inda hurumin awon ya zauna, sama da ainihin girman ko ƙasa da shi. Lambar da ke biye da harafin tana faɗa maka faɗin hurumin. A shaf mai milimita 30, lamba 5 tana nufin faɗin maikiron 9, lamba 6 maikiron 13, lamba 7 maikiron 21. Harafin h yana farawa daga ainihin girman ya yi ƙasa. Haruffan da suka gabace shi, kamar g da f, suna ƙasa da haka, shaf ya fi siranta. Waɗanda suka biyo bayansa, j, k, m, n, p, suna hawa sama, shaf yana ƙara kauri. A rami abin juyewa yake yi: H yana farawa daga ainihin girman ya yi sama, kuma da ka nufi K, M, N, P ramin tsukewa yake yi.

Ƙananan lambobi biyun da ka gani su ne iyakar sama da iyakar ƙasa, a maikiron, ana ƙara su ko a rage su daga ainihin girman. Ga na milimita 30:

```
g6   -7 / -20    29.980 .. 29.993
h6    0 / -13    29.987 .. 30.000
j6   +9 /  -4    29.996 .. 30.009
k5  +11 /  +2    30.002 .. 30.011
k6  +15 /  +2    30.002 .. 30.015
m6  +21 /  +8    30.008 .. 30.021
```

Akwai tarko a nan da ya kamata ka kula da shi, tunda shaf ɗinka ya faɗo daidai kan iyaka. Layukan teburin an raba su ne da "sama da 18 har zuwa 30", sannan "sama da 30 har zuwa 50". Milimita 30 cif tana cikin layin farko. Wanda ya zame zuwa layi na biyu zai karanta k6 a matsayin +18 da +2, ya ƙara wa kansa maikiron 3 na matsi da ba a nema ba. Wasu teburan kuma da milimita suke rubutawa, ka ga +0.015 maimakon +15. Abu ɗaya ne.

Sai batun littattafanka biyu da suka saɓa. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai ba a kan rami ɗaya suke magana ba. Littafin da ya ce k6 tsaka-tsaki ne yana haɗa shi da ramin H7, irin wanda za ka huda a jikin fuli ko giya. Ramin H7 na milimita 30 yana tsakanin 30.000 da 30.021. In ka sa shaf k6 a ciki, wani lokaci za a sami rata har maikiron 19, wani lokaci matsi har 15. Wannan shi ne tsaka-tsaki: ba ka san wanda za ka samu ba sai ka auna. Amma ramin boris ba H7 ba ne. Masu ƙera boris suna bin nasu ma'aunin, ISO 492, kuma a can ramin zoben ciki ƙasa yake yi daga ainihin girman, ba sama ba. Boris na gama-gari mai rami 30 yana tsakanin 29.990 da 30.000, wato 0 da -10. Saboda haka sunan da aka lanƙaya wa harafi a teburin gama-gari ba ya aiki a mazaunin boris. Dole ka yi ɗebewar da kanka, kuma ɗebewa biyu ce kawai:

```
matsi mafi yawa = shaf mafi kauri - rami mafi tsuku
                = 30.015 - 29.990 = 0.025
matsi mafi ƙaranci = shaf mafi siranta - rami mafi faɗi
                = 30.002 - 30.000 = 0.002
```

In amsoshin biyu duka suka fito da ƙari, zaman matsi ne. In duka suka fito da ragi, zaman sako-sako ne. In ɗaya ƙari ɗaya ragi, tsaka-tsaki ne. Ka ga k6 da boris matsi ne ko ta wane hali, daga maikiron 2 zuwa 25. Shi kuma k5 daga 2 zuwa 21.

Yi wa sauran wannan lissafin ka ga yadda kowanne ya gusa. Shaf j6 yana ba da daga rata ta maikiron 4 zuwa matsi na 19, tsaka-tsaki ne amma ya karkata ga matsi. Shaf h6, wanda kowa ya sani da zamewa cikin H7, da boris tsaka-tsaki ne sosai: daga rata 13 zuwa matsi 10. Ko g6 ma yana iya ɗan kamawa da maikiron 3 in an yi rashin dace. Wannan h6 ɗin shi ne abin da mutum yake samu in ya ce wa mai gurza "yi mini talatin daidai, kada ta wuce". Rabin lokaci boris zai shiga da ɗan bugu, kowa ya ce ya zauna. Sauran rabin kuma akwai rata, rarrafen da na bayyana maka ya fara tun ranar farko. Mai gurzarka ya san aikinsa da ya ƙi karɓar wannan awon.

To me ya sa k, ba j6 ba, ba kuma m6 ba? Nauyi ne ke yanke wannan. Kundin masu ƙera boris yana kwatanta nauyin da ke kan boris da wata lamba da suke kira C, ƙarfin ɗaukarsa yana juyi. Ta 6206 tana kusan kilonyuton 20. In nauyin bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na wannan ba, wato kilonyuton 1, kusan nauyin kilo 100, ana ɗaukarsa mara nauyi, j6 ta isa. In ya haura haka, k5 ake ba da shawara ga boris mai ƙwallo na wannan girman. Mu duba naka. Kilowat 3 a juyi 1450 yana ba da ƙarfin murɗa kusan nyuton-mita 20. In fulinka mai faɗin milimita 100 ne, bel yana jan aiki da nyuton 400. Amma bel ba ya aiki sai an ɗaure shi, don haka jan da shaf yake ji ya kan ninka wannan sau biyu ko fiye, a ce 800 zuwa 1000. Fulin kuma yana rataye ne a wajen boris, wanda ke sa boris na gefensa ya ɗauki fiye da jan bel ɗin kansa. Ka riga ka taka kilonyuton 1 ko ka wuce. Ƙara da cewa masu niƙa suna ɗaure bel fiye da kima in ya fara santsi, ga fizgar da ake samu duk lokacin da aka zuba hatsi da yawa. Ni ba zan sa j6 a nan ba. Nauyi yana ɗan buɗa zoben ciki yana rage masa riƙo, kuma j6 da ta faɗo ta gefen ƙasa ba ta da abin da za a rage.

Shi kuwa m6, matsinsa daga 8 zuwa 31 ne, kuma an fi ajiye shi ga boris mai gora da nauyi mai yawa. Mutane suna ganin in matsi kaɗan yana da kyau, mai yawa ya fi. A nan ne boris da yawa suke mutuwa, kuma ga yadda abin yake.

A cikin boris akwai 'yar rata tsakanin ƙwallaye da hanyoyinsu, wadda aka bari da gangan. A 6206 na gama-gari, wanda ba a rubuta masa komai ba, ratar tana tsakanin maikiron 5 da 20. A mai alamar C3 tana tsakanin 13 da 28. In ka cusa shaf mai kauri a zoben ciki, zoben buɗewa yake yi, hanyar ƙwallayen ta kumbura waje, ta cinye wannan ratar. Kusan kashi 80 cikin ɗari na matsin ne yake fitowa a hanyar ƙwallaye in shaf ɗin ba mai rami a ciki ba ne. Mu ɗauki tsakiyar k6: matsi kusan 13 da rabi. Ɗan kaushin fuskar ƙarfe yana lanƙwashewa wajen sakawa ya ci biyu ko uku, a ce saura 11. Kashi 80 na wannan kusan 9 ne. Boris na gama-gari mai rata 12 a tsakiya ya koma saura 3.

Ba a gama ba, saura zafi. A moto zafin rota yana bin shaf ya shiga zoben ciki, shi kuwa zoben waje yana jingine da murfin da fanka ke hura wa iska. Ƙarfe yana ƙaruwa da kusan maikiron 12 a kowace mita a kowane digiri ɗaya. In zoben ciki ya fi na waje zafi da digiri 10, a boris mai wannan girman an ci kusan maikiron 7. Uku a cire bakwai, ka shiga bashi: ƙwallayen a matse suke gudu. Matsewa tana kawo zafi, zafi yana ƙara matsewa, giris ya narke ya gudu. Da C3 kuwa, tsakiyarsa kusan 20 ne, a cire 9 a cire 7, saura 4. Wannan shi ne wurin da ake so boris ya yi aiki, rata 'yar kaɗan sama da sifiri. Shi ya sa C3 ya zama ruwan dare a motocin lantarki. Ba inganci alamar take nunawa ba, kuma ba lalacewa ba ce in ka ji sabon C3 yana ɗan kaɗawa a hannu. Yanzu ka sake lissafin da m6 a ƙarshensa na sama, matsi 31: ko C3 ɗin bai tsira ba. Wannan ne ma dalilin da na fi son k5 a kan k6. Ƙasansu ɗaya ne, amma k5 ta datse maikiron 4 daga saman, inda haɗarin yake.

Alamar boris da aka matse fiye da kima ba ta ɓuya. Kafin sakawa yana juyawa sumul, bayan sakawa ka ji ya yi nauyi a hannu. In aka kunna, murfin ya yi zafi cikin 'yan mintuna ba tare da an ɗora wa moton aiki ba. In ka fasa shi daga baya, za ka ga sawun ƙwallaye ya zagaye hanyar zoben waje gaba ɗaya, alhali a boris mai lafiya da bel ke ja sawun yana gefe guda ne kawai, bai kai rabin kewayen ba.

Ramin murfi ba shi da wahala kamar shaf. Bayan boris ɗin milimita 62 ne, hurumin masu ƙera shi 0 da -13, wato 61.987 zuwa 62.000. Ramin H7 a wannan girman +30 da 0 ne. Ɗebewa biyun nan ta ba ka rata daga sifiri zuwa maikiron 43. Sako-sako ne, kuma haka ake so, saboda dalili biyu. Na farko, nauyi ba ya zagaya wannan zoben, don haka ba shi da abin da zai sa shi rarrafe. Na biyu, shaf yana tsawo in ya yi zafi. In tsakanin boris biyun milimita 300 ne kuma shaf ya fi gangar moton zafi da digiri 30, ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Dole ɗaya daga cikin zobban waje ya iya zamewa a raminsa ya ba da wuri, in ba haka ba boris biyun za su riƙa tokarar juna. Wannan lanƙwasasshen washan ƙarfe da kake tararwa a bayan boris a cikin murfi aikinsa ke nan, yana tura zoben a hankali yana barinsa ya motsa. Kada ka yar da shi. Masu gyaran moto da yawa suna tsuke ramin zuwa H6, wato 62.000 zuwa 62.019, don rage kaɗawa da ƙara, kuma ina tare da su in akwai kayan aikin da za su iya. In ka auna murfinka ka ga ya wuce 62.030, ko ya zama ƙwai, a huda shi a sa masa bushi. In murfin na alminiyam ne ka ƙara tsanantawa, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe: ɗumin digiri 40 yana ƙara wa ramin 62 rata kusan maikiron 27 a kan wadda ka auna da sanyi.

Duk wannan na motonka ne. Ranar da aka kawo maka fulin da ke juyawa a kan tsayayyen shaf, ko cibiyar ƙafar amalanke, komai ya juye. A can zoben waje ne ke juyawa ƙarƙashin nauyi, shi za a matse, da rami M7 ko N7, shaf kuma a bar shi g6 ko h6. A 62, N7 yana nufin -9 da -39, kuma in ka yi ɗebewar za ka samu daga rata 4 zuwa matsi 39. Akwai kuma na uku, inda nauyin ba shi da alƙibla guda, kamar injin niƙa mai guduma da gudumominsa suka cinye ba daidai ba. Rashin daidaiton yana juyawa tare da shaf, yana zagaya zoben waje, bel kuma yana zagaya na ciki. A irin wannan zobban biyu duka suna son riƙo, sai a kai ramin J7 ko K7. Boris ɗin filo mai ƙananan sukurori a wuyansa, irin UC206, shi daban ne: raminsa an yi shi ta gefen ƙari don ya zame a kan shaf h6 ko h7, sukurorin ne ke riƙe shi. Kada ka gurza masa k6.

Saura aunawa, wanda in babu shi duk abin da muka faɗa magana ce kawai. Faɗin hurumin k6 maikiron 13 ne. Baniya ta hannu tana karanta 0.02, wato maikiron 20, ya fi hurumin gaba ɗaya. Mai lambobi a gilashi tana nuna 0.01 amma kuskurenta ya kan kai ninki biyu na haka ko fiye. Baniya ba ta iya gaya maka ko kana cikin k6 ko kana cikin h6. Maikiromita ake buƙata, mai awon 25 zuwa 50, wadda take karanta maikiron, kuma a fara gwada ta da sandar gwajinta ta milimita 25 kafin a taɓa shaf. In mai gurzarka ba shi da ita, ka nemi wani, ko ka ara ka kai masa.

A bar shaf ya huce kafin a auna. Shaf mai milimita 30 da ya fi maikiromita zafi da digiri 20 yana nuna ƙarin maikiron 7, fiye da rabin hurumin. Mai gurza zai auna da zafi ya ga 30.006 ya ce ya shiga, in ya huce ya koma 29.999. Zafin garinmu shi kansa ba matsala ba ne. An tsara awon a kan digiri 20, amma in shaf da maikiromita duka ƙarfe ne kuma sun zauna a ɗaki ɗaya har zafinsu ya daidaita, tare suke buɗewa.

Kuma awo ɗaya bai isa ba. Faɗin boris ɗin milimita 16 ne, ka auna kusa da kafaɗa da kuma kusa da baki, a kowane wuri ka juya shaf ka auna ta fuska huɗu. Duk awon takwas su faɗa cikin hurumin, kuma ni ba na son bambancin babba da ƙarami ya wuce maikiron 5 ko 6. Zoben ciki siriri ne, siffar abin da ya hau yake ɗauka. In mazaunin ƙwai ne, hanyar ƙwallaye ta zama ƙwai. Fuskar ma ta yi santsi, a ma'aunin kaushin fuska da ake kira Ra, maikiron 0.8 ake nema a irin wannan mazaunin. In an bar sawun wuƙa, kan tudun sawun kake aunawa, kuma su ne za su lanƙwashe wajen sakawa su tafi da matsin da ka lissafa. Ka duba lungun kafaɗa kuma: gefen zoben 6206 yana da lanƙwasa ta milimita 1, don haka lanƙwasar lungun shaf kada ta wuce haka, in ba haka ba zoben zai hau kanta ya karkace maimakon ya jingina da kafaɗa.

Tunda cikawa za ku yi, walda tana iya lanƙwasa shaf, kuma tana raunana shi daidai lungun kafaɗa inda jan bel ya fi lanƙwasa shi. A yi ta kaɗan-kaɗan ana juyawa gefe da gefe, a bar shi ya huce da kansa, sannan a ɗora shi tsakanin cibiyoyinsa biyu a gurza, a duba da agogon awo cewa sabon mazaunin yana gudu daidai da ɗaya mazaunin da jikin rota. In akwai inda ake fesa ƙarfe, ya fi walda sauƙin zafi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bi mazaunin da fanci a tayar masa da ƙuraje, ko a naɗa gwangwani. Boris zai shiga da ƙarfi kamar ya kama, amma a kan 'yan tsinaye yake zaune, kuma nauyin bel zai kwantar da su cikin ɗan lokaci. Gam ɗin riƙe boris yana da amfaninsa in ratar 'yar kaɗan ce kuma ana son a fita kunyar yini, sai dai ba ya dawo da shaf tsakiya in cin ya yi gefe guda.

Wajen sakawa, ƙarfin turawa ya bi ta zoben ciki kaɗai, da guntun bututu mai tsabta wanda bakinsa ya zauna a kan zoben, a shafa ɗan mai mara kauri a mazaunin. In ka buga ta zoben waje, ƙarfin ta cikin ƙwallaye zai wuce ya bar ƙananan lotsa a hanyarsu, moton ya fara kuka tun ranar. In boris ɗin buɗaɗɗe ne kana iya ɗumama shi: daga digiri 35 na shago zuwa 110, ramin 30 yana buɗewa da kusan maikiron 27, ya ɗan haura matsin k6 mafi yawa, sai ya zame da hannu ka riƙe shi a kafaɗa har ya kama. Kada ya wuce 120, kuma kada harshen wuta ya taɓa shi. Mai murfin roba da giris a ciki kuwa ba a kai shi sama da 80, wanda buɗewar maikiron 16 kawai zai ba ka, don haka shi da injin matsi za ka tura shi, a hankali, kana duba cewa ya shiga a miƙe.